Wasiƙar Mai Takaba Zuwa Banki

A Dungas da Magarya, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, har yanzu akwai mutanen da ake sallama wa a ce, “Malam, takarda nake so a rubuta mini.” Yawancinsu tsofaffin malaman makarantar boko ne, ko akawun da ya ajiye aiki. Wani yana da ɗan tebur kusa da ofishin magajin gari, wani kuma a zauren gidansa yake karɓar mutane bayan la'asar. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma takardun kotu da na banki da Faransanci ake yin su, shi ya sa kasuwar waɗannan mutane ba ta ci ta watse ba. A cikin duk abin da suke rubutawa, ban ga wanda yake fito da gwani fili ba kamar wasiƙar matar da mijinta ya rasu ya bar ajiya a banki.

Ɗan koyo, da an ba shi wannan aiki, sai ya zage ya zuba tausayi. Zai rubuta cewa baiwar Allah ce, an bar ta da marayu, rumbu ya yi ƙasa, a dubi Allah a ba ta kuɗin mijinta. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma wasiƙar ba za ta fitar da ko dala ɗaya ba. Dalili kuwa, daga lokacin da rai ya yi halinsa, kuɗin nan sun tashi daga na miji sun koma na magada gaba ɗaya, ita kuma matar ɗaya ce daga cikinsu. Idan banki ya miƙa mata, gobe kishiya ta zo, jibi ɗan wata matar da aka rabu da ita tun da daɗewa ya bayyana, banki ne zai biya sau biyu. Don haka ma'aikacin da ya karanta wasiƙar, ko da hawaye ya zubo masa, abu biyu kawai yake nema a ciki: da wane matsayi wannan mata take magana, kuma wace takardar hukuma ce ta ba ta matsayin. Gwanin marubuci ya san haka, shi ya sa yakan daɗe yana tambaya kafin ya taɓa alƙalami.

Mu ɗauki misali irin wanda ake gani a wannan yanki. Wani ɗan kasuwa ne mai sayen riɗi da wake a ƙauyukan Dungas yana kaiwa Maigatari, yana da asusun ajiya a wani reshen banki a Damagaram. Ya rasu ya bar mata biyu, ƴaƴa maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Uwargida ta san da asusun, domin ɗan littafin bankin yana cikin akwatinta tare da katin cire kuɗi. Tana cikin takaba, ba ta yawo, sai ta aika a kira mata malamin, ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ƙanenta yana gefe.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, tambayarsa ta farko ba ta kuɗi ba ce.

“Hajiya, yau kwana nawa da rasuwar?”

“Jibi ne sadakar arba'in, Malam.”

“To, an kai maganar wurin mai gari ko ofishin magajin gari, an rubuta?”

Ta dubi ƙanenta, shi ma ya dube ta. Ba wanda ya yi tunanin haka.

A nan ne mutane da yawa suke yin asarar watanni. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana rasuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, wato kusan kwana 130. Matar da ta ce bari ta fita takaba tukuna ta nemi takardu, za ta tarar wa'adin ya wuce da fiye da wata biyu. Daga nan ofishin magajin gari ba zai iya ba ta takardar mutuwa kai tsaye ba, sai an je gaban alƙali da shaidu ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin bayyanawar, a dawo a shigar da shi cikin rajista, sannan a fitar da takarda. Ga kuɗin mota, ga na ɗawainiyar shaidu, ga jiran ranar zama. Malamin ya san ba sai matar ta je da kanta ba: ɗa, ko ƙane, ko wani ɗan'uwa na kusa yana iya bayyanawa. Don haka ya ce wa ƙanen gobe da sassafe ya ɗauki katin shaidar marigayin ya tafi, in a likita aka rasu ya biya ya karɓi takardar da suke bayarwa. Saura kwana ashirin da ƴan kai wa'adi ya cika, kuma da wannan tambaya guda ya rage musu zuwa kotu sau ɗaya.

Akwai wani abu da nake sha'awa a yadda irin waɗannan dattawa suke aiki. Mace a ƙasar Hausa ba ta kama sunan mijinta, sau da yawa ma ba ta kama na ɗanta na fari. “Mai gidan” za ta ce, ko “marigayi”, ko “babansu”. Yaro ɗan zamani zai tsare ta da tambaya, sunansa, sunan ubansa, har ya sa ta sunkuyar da kai. Shi malamin cewa yake, “A ɗauko mini duk wata takarda da ke cikin akwatin, ko ta asibiti ce.” Kunyarta ta tsira, shi kuma ya sami abin da ya fi faɗar baki amfani, wato sunan kamar yadda yake a rubuce. Sai ya baje takardun a kan tabarma, katin shaida nan, littafin banki nan, takardun haihuwar yara nan, yana bin su da ɗan yatsa harafi bayan harafi.

Abin da yake farauta shi ne saɓani. Akawu ɗaya ya rubuta Issoufou, wani ya rubuta Youssouf, a wata takardar an sa sunan uba gaba, a wata an ƙara Elhadji kamar suna ne na yanka. Mutanen da aka haifa kafin rajista ta yawaita kuma, shekarar haihuwarsu kintace ce, tana iya bambanta daga wannan kati zuwa wancan. A gari kowa ya san mutum ɗaya ne. Amma lauyan banki da zai duba takardun bai taɓa ganin marigayin ba, abin da ke gabansa kawai shi ne sunan da ke cikin kwamfuta da sunan da ke kan takardar mutuwa, in ba su zo daidai ba ya mayar. Saboda haka malamin yakan rubuta sunan a ƴar takarda, daidai da yadda yake a katin shaidar da aka buɗe asusun da shi, ya ba ɗan aike ya ce, “Haka nan za a rubuta, kada ka bar wurin sai ka gwada da idonka.” Inda saɓanin ya riga ya shiga tsofaffin takardu, sai a nemi takardar hukuma da ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a haɗa tun farko, kada a jira banki ya gano.

Sannan ya zo kan katin cire kuɗi. Babban ɗan marigayin ya san lambar sirrin, kuma tuni wani ya ba shi shawarar ya je Damagaram ya riƙa zara kaɗan-kaɗan kafin banki ya ji labari. Malamin ya hana, kuma ba da wa'azi kaɗai ya hana ba. Duk cirewa tana fita a takardar lissafin asusu da ranarta da wurinta. Ranar da aka ajiye wannan lissafi kusa da takardar mutuwa, kowa zai ga an taɓa kuɗi bayan rasuwa, amarya da danginta za su tambaya, kuma maganar da ya kamata ta ƙare a zama ɗaya sai ta zama shari'a. Haka ma idan marigayin ya taɓa ba wani takardar wakilci ya riƙa cire masa kuɗi, wannan wakilci ya mutu tare da mai shi. Sai ya sa aka naɗe katin da littafin a leda, aka damƙa wa uwargida a gaban amarya.

Daga nan ne hikimar ta fito sosai: wasiƙa biyu yake rubutawa, ba ɗaya ba. Ta farko gajera ce, tana tafiya da zarar takardar mutuwa ta fito, kuma ba ta roƙon ko sisi. Sanarwa ce cewa mai asusu lamba kaza ya rasu ranar kaza, ga takardar mutuwa a haɗe, ana roƙon a dakatar da duk wata cirewa da kati ko da cek, a kuma rubuto jerin takardun da wannan banki yake buƙata kafin ya saki kuɗin ga magada. Amfanin jumlar ƙarshen nan babba ne, domin bankuna sun ɗan sha bamban. Wani yana son kwafin katin shaidar kowane baligi cikin magada, wani na wakili kaɗai, wani kuma idan kuɗin sun yi yawa sai ya ƙara sharaɗi. Wanda ya karɓi jerin a rubuce ba za a ce masa “saura takarda kaza” ba duk lokacin da ya sha hanya daga Dungas. A wannan mataki malamin yakan gaya wa iyali kada su ji haushi in an ƙi faɗa musu nawa ne a ciki. Sirrin asusu doka ce a kan banki, ba zai buɗe shi ga wanda bai riga ya tabbatar shi magaji ba ne.

Tsakanin wasiƙar farko da ta biyu ne aikin ƙafa yake. Aure da yawa a karkara an ɗaura shi ne a ƙofar gida da goro da fatiha, ba a taɓa kai shi rajista ba. Aure ne ingantacce, amma banki takarda yake gani. Don haka uwargida da amarya kowacce tana buƙatar takardar aure, in babu sai hukuncin alƙali da shaidun da suka halarci ɗaurin. Yaran da ba su da takardar haihuwa su ma haka. Malami mai dabara yakan tattara duk waɗannan a kai su kotu tafiya ɗaya, da shaidu masu katin shaida a aljihu, don shaidan da ya bar katinsa a gida kamar bai zo ba ne.

Zuciyar al'amarin ita ce taron dangi. Dokar tsarin kotuna ta Nijar, ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2018, ta bar maganar aure da saki da gado a kan al'adar masu shari'a, kuma alƙali yana zama ne da mataimaka masana al'ada. A ƙasar Hausa wannan yana nufin rabon gado na Musulunci a mazhabar Malikiyya. Dangi suna haɗuwa, na ɓangaren marigayi da na matansa, a lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, a faɗi abin da ya bari da bashin da ke kansa, a naɗa wanda zai riƙe dukiyar ƙananan yara, a kuma zaɓi wakili guda da zai tsaya a madadin kowa. Kotu ce take tabbatar da wannan zama ta buga hatimi. Takardun biyu da suke fitowa daga nan, waɗanda za a karanta sunayensu a bisa kansu, su ne procès-verbal de conseil de famille da certificat d'hérédité: ta farko rahoton taron ce da sunan wakili, ta biyu kuma jerin magada. Da waɗannan banki yake biya.

Malamin ba ya cikin taron, amma kafin a je yakan yi wa uwargida tambayoyi uku cikin ladabi. Ko marigayin yana da ɗa a wani gari, a Kano ko Agadas ko Libiya, wanda ba a faɗa ba? Magajin da aka tsallake yana iya zuwa daga baya ya warware komai. Ko akwai mai juna biyu cikin matan? Wannan ba ya tambayar kai tsaye, cewa yake a tambayi amarya a ɗaki, domin a Malikiyya ana dakatar da rabo har a haihu. Ta uku ita ce wadda ta fi amfanar uwargidan kanta.

“Hajiya, akwai wani abu naki na kanki da kika ba shi ajiya?”

Ta yi shiru, sannan ta ce akwai kuɗin sa da ta yi kiwo aka sayar bara, jika 100, ya ce zai sa mata a banki tare da nasa.

“Wa ya sani?”

“Ƙanensa ne ya kai san kasuwa, kuma amarya tana nan aka ƙirga.”

Waɗannan kuɗi ba gado ba ne, amana ce a hannun mamaci, kuma ana fitar da ita kafin rabo. Amma wurin faɗarta taron dangi ne, a gaban shaidun nan biyu, a rubuta ta cikin rahoto. Idan aka saka ta cikin wasiƙar banki ba abin da za ta yi sai jawo shakka, don banki ba ya raba gardamar iyali, da ya ji ƙamshin rigima sai ya rufe fayil ya ce a je a daidaita. Mata da yawa suna jin nauyin ta da irin wannan magana ana cikin makoki, kada a ce son abin duniya. In babu wanda ya tambaye su, shi ke nan ta bi ruwa.

A kan zaɓen wakili, ra'ayina shi ne an cika gaggawar miƙa wa ƙanen mamaci ko wansa, alhali a misalinmu ɗan'uwa ba ya cin gadon ko kaɗan tunda akwai ƴaƴa maza. Babu abin da ya hana a naɗa matar kanta idan dangi sun yarda, kuma inda yara ƙanana ne, ita ce mai ciyar da su dare da rana. Sai dai kada ta ɗauka zama uwa kaɗai ya ba ta ikon karɓar rabon ƴaƴanta. Riƙon dukiyar maraya sai an naɗa mutum, sunansa ya fito a takarda. A nan dangi sun naɗa uwargida wakiliyar magada, kowace uwa kuma mai riƙon rabon ƴaƴanta ƙanana.

Da takardar magada a hannu, banki ya ba da lissafi: sefa miliyan 1 da jika 850. Malamin ya juya bayan wata tsohuwar takarda ya yi musu lissafi a fili, ba don shi ne mai rabo ba, sai don kowa ya san abin da zai sa rai. An fitar da jika 100 na uwargida, da jika 150 da wani mai kawo wake yake bin marigayin, babu wasiyya, saura miliyan 1 da jika 600. Matan mamaci mai ƴaƴa suna da tumuni, ɗaya bisa takwas, wato jika 200, su biyu su raba, kowacce jika 100. Ragowar miliyan 1 da jika 400 na ƴaƴa ne, namiji rabon mace biyu: maza biyu kashi huɗu, mata uku kashi uku, kashi bakwai ke nan, kowane kashi jika 200. Kowane ɗa jika 400, kowace ƴa jika 200. Wannan na kuɗin banki ne kaɗai, gona da gida da dabbobi suna da nasu zaman. Amma duba abin da lissafin ya nuna. Matar da ɗan koyo zai rubuta wa “a ba ni kuɗin mijina” gadonta a ciki jika 100 ne, kuma tambayar nan ta kuɗin sa ta ninka mata abin da za ta riƙe.

Sai yanzu wasiƙa ta biyu, wadda ita ce ainihin buƙatar. Da Faransanci yake buga ta, shafi ɗaya ba ƙari, sunan gari da kwanan wata a sama ta dama, sunan mai wasiƙa da unguwa da lambar waya ta hagu, sannan a nufi shugaban reshen da asusun yake. Layin dalili yana ɗauke da sunan marigayin da lambar asusu, don wanda ya ɗaga takardar ya san aljihun da za ta shiga tun bai karanta ba. In aka mayar da jikinta Hausa, ga yadda take tafiya:

“Ranka ya daɗe, ni wance ƴar wane, matar marigayi wane, mai asusun ajiya lamba kaza a reshenku, wanda ya rasu a Dungas ranar kaza kamar yadda na sanar da ku a wasiƙata ta ranar kaza, ina rubuto muku ne a matsayina na wakiliyar magadansa, bisa rahoton taron dangi lamba kaza da kotu ta tabbatar ranar kaza. Ina roƙon ku rufe wannan asusu, ku biya abin da ke cikinsa ga magada ta hannuna, tare da cikakken lissafi tun daga ranar rasuwa. Ina kuma roƙon ku sanar da ni idan marigayin yana da wani asusu, ko ajiya mai wa'adi, ko bashi a bankinku, da kuma ko akwai inshorar rai a kan bashin. Takardun da kuka nema suna haɗe, an jera su a ƙasa.”

Daga nan sai gaisuwar rufewa ta al'ada da sa hannu. Babu marayu, babu rumbu, babu kuka. Kowace jumla tana riƙe da lamba ko rana da ma'aikaci zai iya dubawa. Kalmomin da suka fi nauyi a ciki su ne “a matsayina na wakiliyar magadansa”, kuma malamin ba ya barin su tsaya su kaɗai, nan take yake manna musu lambar rahoton kotu. Ambaton wasiƙar farko da ranarta shi ma da gangan ne: yana tuna wa banki cewa tun ranar nan ya sani, duk abin da ya fita daga asusun bayanta shi zai yi bayani.

Jumlar bashi da inshora ita ce wadda ba kowa yake tunawa da ita ba. Idan marigayin ya ci bashin banki, bankin zai so ya cire nasa kafin ya saki saura. Amma bashi da yawa ana ba da shi ne tare da inshorar da ke biyan ragowar idan mai bashin ya rasu, kuma an riga an cire kuɗinta tun ranar karɓa. Iyalin da ba su tambaya ba suna iya biyan abin da kamfanin inshora ya kamata ya biya. Wani lokaci kuma malamin yakan ƙara roƙon a ware uwar kuɗi daban da ruwan da ya taru, domin asusun ajiya a ƙasashen sefa na yammacin Afirka yana samun ruwa kashi 3.5 cikin ɗari a shekara, kuma iyalai da yawa suna son su san adadinsa su kai wa malamansu tambaya kafin rabo.

A ƙasan wasiƙar yake jera abin da aka haɗa, kowanne da lambarsa, kuma yana tsara takardun a cikin fayil bi da bi kamar yadda ya jera su: takardar mutuwa, takardar magada, rahoton taron dangi, takardun auren matan biyu, takardun haihuwar yara biyar, katin shaidar wakiliya, sai littafin banki da katin cire kuɗi da za a mayar. Na asali ba ya barin su kwana a banki sai wanda aka ce lalle shi ake so. Kwafi ake yi, a kai ofishin magajin gari ko na ƴan sanda a manna tambur a buga hatimin cewa daidai yake da na asali. Yakan duba katin shaidar matar tun da wuri, don sau da yawa wa'adinsa ya ƙare shekaru ba ta sani ba, kuma sabuntawa tana cin lokaci.

Kafin ta sa hannu, yana karanta mata wasiƙar da Hausa daga farko har ƙarshe, a gaban amarya da babban ɗa. Idan ba ta rubutu, ta dangwala yatsa, shi kuma ya rubuta sunanta a ƙarƙashi. Kwafi biyu ake kaiwa. Ɗaya ta zauna a banki, ɗaya a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, a dawo da ita gida. Wanda ya taɓa jin an ce “ba mu ga takardarku ba” bayan wata biyu ya san darajar wannan hatimi. Yana kuma gaya musu gaskiya cewa ba a ranar za a biya ba, domin reshe yakan tura fayil ɗin ga sashen shari'a na bankin, wanda galibi a Yamai yake. Idan makonni suka shuɗe shiru, sai gajeriyar wasiƙar tuni mai ambaton ranar da ke kan hatimin.

Wasu iyalan sukan gaji su bar maganar, musamman idan kuɗin ba su da yawa. Ya kamata su san ajiyar ba ta zama a reshe har abada. A dokar da ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka yi tarayya a kai, asusun da ya shekara 10 ba wanda ya taɓa shi ko ya yi magana a kansa ana tura kuɗinsa babban banki, BCEAO, inda magada za su iya nema har a cika shekara 30, daga nan su zama na baitulmali.

Ranar biya, uwargida ce za ta je da kanta da katin shaidarta, tunda sunanta ne a rahoto, kuma a lokacin ta riga ta fita takaba. Malamin yakan ba da shawarar a tafi da namiji baligi cikin magada, a kuma yi rabon a gaban waɗanda suka zauna taron dangi, kowane mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala a takarda ɗaya da wakiliya za ta adana. Wannan takarda ce kariyarta ranar da yaron da yake goye yau ya girma ya tambayi ina rabonsa.

Saura abu guda da ya shafi mutanen bakin iyaka. Ɗan kasuwar da yake cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba abin mamaki ba ne a ce yana da wani asusun na naira a Jigawa ko Kano. Takardun kotun Nijar ba sa buɗe wannan kai tsaye. Bankunan Najeriya suna neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha, kuma sunan da marigayin ya rubuta a matsayin makusancinsa ranar buɗe asusu ba ya ba mutum ikon ɗaukar kuɗin. Malamin Dungas ba ya cewa zai iya wannan. Yana sa a yi ƙarin kwafin takardar mutuwa da ta magada tun ana cikin yin na farko, ya ce a kai su a fassara zuwa Turanci, sannan a nemi lauya ko akawun kotu a can ya ɗora daga inda ya tsaya.